Ma'aikata 14 sun bar mu cikin shekara guda, yaya ake wannan lissafin?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu aikin ofis ina neman taimako. Ni nake riƙe da harkar ma'aikata a wata makarantar kuɗi nan Birnin Kebbi, nazire da firamare da sakandare, to masu makarantar za su zauna ƙarshen wata kuma sun ce in kawo musu kashi nawa cikin ɗari na ma'aikata suka bar aiki a shekarar karatu da ta wuce, wato daga 1 ga Satumba 2024 zuwa 31 ga Agusta 2025. Mun fara da mutum 40, mun ƙare da 44, a tsakani mun ɗauki 18, waɗanda suka tafi 14. Ɗaya daga cikin masu makarantar yana cewa ai babu wata matsala tunda ƙaruwa ma muka yi, ni kuma raina bai kwanta ba don ni nake ganin iyaye suna zuwa suna tambaya wai ina malamin da yake koyar da ɗansu wancan zangon. Yaya zan lissafa, kuma in na samu lambar me take nufi?

Akanta na Jega: Wa alaikumus salam Anti. Ai wannan mai sauƙi ne, 14 a raba da 44 a ninka da 100, ya ba ki kashi 31.8. Shi ke nan sai ki kai musu.

Autan Yawuri: Anti don Allah in akwai gurbi ina da ƙane ya gama NCE a Argungu, Hausa da Islamiyya ya karanta, shekara biyu yana zaune

Maman Ikram: Auta ba tallan aiki na saka ba, amma ka yi min magana ta gefe in sha Allahu.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Akanta ka kama hanya amma abin da ka raba da shi ne bai zauna ba. Ba a rabawa da yawan mutanen ranar ƙarshe, don waɗannan 14 ɗin ba daga cikin 44 suka fita ba, kuma ba daga 40 kaɗai ba, yawan ma'aikatan yana ta motsi ne tsawon shekara. Shi ya sa ake ɗaukar matsakaici, a haɗa na farkon shekara da na ƙarshe a raba biyu. 40 da 44 ya zama 84, rabinsa 42. Sai a raba 14 da 42 a ninka da 100, ya ba da kashi 33.3, wato kamar a ce cikin kowane mutum uku ɗaya ya tafi. In a kwamfuta za ki yi, ki sa na farko a B1, na ƙarshe a B2, waɗanda suka tafi a B3, sai ki rubuta:

```
=B3/AVERAGE(B1:B2)*100
```

Shi kuma maigidan da ya ce kun ƙaru don haka lafiya lau, a gaya masa cikin ladabi cewa sai da kuka ɗauki mutum 18 kafin ku ƙaru da mutum 4 kacal. Sauran 14 ɗin cike gurbi ne kawai, kuma kowane ɗaya ya ci muku lokacin intabiyu da lokacin nuna masa aiki, ban da kwanakin da ajin ya zauna ba malami.

Akanta na Jega: Malam to ai bambancin bai kai ya kawo ba, 31.8 da 33.3

Baban Sadik: A nan ɗin haka ne, don yawansu bai canza sosai ba. Amma ka ɗauka makarantar ta buɗe sabon reshe ta tashi daga 40 zuwa 80, ka raba da 80 ka samu 17.5, wani ya raba da 40 ya samu 35, kowa ya rantse nasa ne daidai. Kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne a tsaya kan hanya ɗaya kowace shekara, in ba haka ba baɗi ba za ku iya kwatanta shi da na bana ba.

Maman Ikram: Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. To 33 ɗin nan ya yi yawa ko bai yi ba? Don tambayar da za su fara yi min ke nan.

Baban Sadik: Hajiya kar ki kai musu 33 tukuna. Wannan lambar ita kaɗai ba ta faɗin komai, sai an fasa ta an ga abin da ke ciki. Ki ɗauko rajista ki gaya mana su wane ne 14 ɗin, ba suna ba, a'a: kowanne yaushe ya shigo, yaushe ya fita, wane sashe yake, kuma shi ya ajiye ko ku kuka sallame shi.

Ɗan Argungu: Kahin Hajiya ta dawo Malam ni ina da tambaya kan wanga matsakaici da kac ce. Mu injin gyaran shinkahwa muke da shi, farkon shekara mutum 30 ne, ƙarshen shekara ma 30, amma in anka yanke ta rani ko ta damina shanshara ta cika sito sai mu kai mutum 80, masu dako da masu shanya da masu ɗinkin buhu, in aiki ya yi sauƙi kowa shi kama gabanshi. In na bi lissahinka ai sai a ce mutum 50 sunka bar mu cikin 30, ya wuce kashi ɗari ke nan, wa za ya yarda da wanga

Baban Sadik: Ɗan Argungu tambayarka ta yi kyau, kuma nan ne inda wannan gajeriyar hanyar take yin ƙarya. Farko da ƙarshe yana aiki ne inda yawan mutane ba ya hawa da sauka da yawa. Irin naku sai ka rubuta yawan ma'aikata na ƙarshen kowane wata, ka haɗa duka goma sha biyun ka raba da 12. Amma ko wannan ma ni ba zan cuɗa su wuri ɗaya ba. Mutumin da aka ɗauka don aikin kaka kuma kaka ta ƙare ya tafi, ai bai gudu ba, yarjejeniyarsa ce ta cika. Ka yi littafi biyu, na masu albashin wata su 30 ɗin nan daban, shi za ka auna da wannan lissafin. Su kuma na lokaci tambayar da za ka yi a kansu daban ce: cikin waɗanda suka yi maka aiki bara, nawa suka dawo bana da ka kira, kuma nawa suka watsar da aikin tun shinkafar ba ta ƙare ba. Af, kuma wuce kashi ɗari ba kuskure ba ne a lissafin nan, yana faruwa, in kujera ɗaya ta ci mutum uku a shekara.

Ɗan Argungu: To wanga na biyun shi ad damuwata, masu kula da injin kansu ba su tahiya, amma masu shanya rabinsu ba su dawowa, wurin maƙwabcinmu suka zuwa don shi kullum da marece yaka biya mu kuwa sai sati

Kawu Tsohon Ma'aikaci: Ni dai a ganina duk wannan zamani ne ya kawo. Na yi shekara 35 a gwamnati har na yi ritaya, ofishinmu a Gusau sai a shekara biyar ba ka ji wani ya ajiye aiki ba, sai mutuwa ko fansho. Yaran yanzu ne ba su da haƙuri, Hajiya ba laifinku ba ne.

Malama Ta Tudun Wada: Kawu Allah ya ƙara girma, amma a yi min haƙuri in ce wani abu. Rashin ajiye aiki a gwamnati ba ya nuna wurin yana da daɗi, fansho ne da tabbacin ba mai korarka yake riƙe mutum. Mutum nawa muka sani sunansu yana takardar albashi amma zuciyarsu da ƙafarsu suna kasuwa ko gona? In ka auna irin wannan ofishin za ka samu kusan sifili, ka ce madalla, alhali mai ƙwazon cikinsu ya daɗe da daina ƙoƙari kuma ragon ma ba mai taɓa shi. Malamin makarantar kuɗi ba shi da abin da zai jira bayan shekara 35, in bai ga haske ba tafiya zai yi, wannan ba rashin haƙuri ba ne.

Kawu Tsohon Ma'aikaci: 'Yata ban ƙi taki ba, amma dai da akwai amana a da.

Maman Ikram: Na dawo, na duba fayil ɗaya bayan ɗaya. Uku 'yan bautar ƙasa ne, shekararsu ta cika suka tafi, kuma an turo mana wasu ukun suna cikin 18 ɗin da na ce mun ɗauka. Biyu mu muka sallama, ɗaya direban bas ne da ya daɗe tare da mu, ɗayan sabon malamin firamare ne da ya riƙa fashi. Ɗaya malamar nazire ce ta shekara shida da mu, ta yi aure mijin ya tafi da ita Zuru. Sauran takwas su suka ajiye da kansu, kuma abin da ya ba ni mamaki da na jera su, duk takwas ɗin cikin waɗanda muka ɗauka a wannan shekarar ne, ba wanda ya cika shekara.

Baban Sadik: Yawwa, yanzu magana ta fara fitowa. Bari mu bi a hankali.

Da farko a cire 'yan bautar ƙasa, don tun ranar da suka shigo an san ranar fitarsu, ko zuma kuke ba su sai sun tafi. Amma a kula, ba daga waɗanda suka tafi kaɗai za a cire su ba, har daga yawan ma'aikata. Mutane da yawa nan suke zamewa, su cire a sama su bar su a ƙasa, sai lambar ta yi kyau fiye da gaskiyarta. To farkon shekara ya koma 37, ƙarshe 41, matsakaici 39, waɗanda suka tafi 11. 11 a raba da 39 ya ba da kashi 28.2. Wannan ita ce lambar da ya kamata ta hau saman takardarki, ki rubuta a ƙarƙashinta cewa ban da 'yan bautar ƙasa, don kar wani ya zo baɗi ya lissafa da su ya ce abu ya lalace.

Sai a raba ta gida biyu. Waɗanda kuka sallama su 2, kashi 5.1. Waɗanda suka tafi da ƙafarsu su 9, kashi 23.1. Dalilin rabawar shi ne tambayar kowane gida daban take. In sallama ta yi yawa sai a duba yadda ake zaɓen mutane tun wajen ɗauka. In ajiyewa ce ta yi yawa sai a duba abin da mutum yake tararwa bayan ya shigo.

Amma Hajiya abin da na fi so ki gani shi ne wannan. Cikin mutum 37 da kuka fara shekara da su, biyu kaɗai suka fita, direba da amarya, 35 suna nan, kusan kashi 95 ke nan. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne a makarantar kuɗi. Cikin sababbi 15 kuwa, 9 sun fita kafin shekara, kashi 60. To kin ga makarantarku ba ta zubar da tsofaffin ma'aikatanta ba, sababbi ne ba sa zama. Kamar randa ce da ƙasanta lafiya lau amma ta tsage daga wuya, ruwan da ke ciki yana nan, duk wanda aka ƙara a kai sai ya tsiyaye. Wata makarantar za ta iya samun 28 ɗin nan daidai irin naku amma ita ƙwararrun malamanta na shekara goma ne suke ficewa, lamba ɗaya, ciwo daban, magani daban.

Akanta na Jega: Malam ni da ni ne ita ma amaryar sai in cire ta, ai aure ne ya ɗauke ta ba makaranta ta kore ta ba, daidai take da ɗan bautar ƙasa. Sai ya koma 10.

Baban Sadik: A'a ni ba zan cire ta ba. Ɗan bautar ƙasa an san wa'adinsa tun farko, ita kuwa ma'aikaciya ce ta dindindin kuma gurbinta sai da aka nemi wata aka cike. A bar ta cikin lissafi, a rubuta a gefe cewa wannan ba abin da makaranta za ta iya yi a kai. In aka fara cire duk wanda yake da uzuri mai kyau, ƙarshenta ba wanda zai rage, don kowa da uzurinsa yake fita.

Malama Ta Tudun Wada: Wannan gaskiya ne, kuma ku daina yarda da abin da ke cikin takardar ajiye aiki ɗari bisa ɗari. Ni da na bar wata makaranta a nan Gusau cewa na rubuta zan koma karatu, gaskiyar magana kuwa an ce min darasi biyu zan koyar, ina shiga aka ɗora min huɗu har da rubuta sakamakon aji biyu, kuma albashin wata sai ya shiga tsakiyar wata mai zuwa. Wa zai rubuta wannan ya miƙa wa mutumin da gobe zai nemi ya ba shi takardar shaida? Mu nan ba a son a rabu baram-baram, sai ka ce mahaifiya ba lafiya ko za ka koma gida noma, a yi maka addu'a ka wuce.

Akanta na Jega: Duk da haka ni dai ina ganin a nuna musu biyun, da ita da ba ita

Baban Sadik: Ba laifi in za a nuna biyun a fili, abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire ta shiru. Hajiya saura abu biyu, sashe da lokaci.

Maman Ikram: Sashe: bakwai daga sakandare ne, duk cikin masu ajiyewa da kansu. Sakandaren matsakaicinsu mutum 13 ne in na bi hanyar da ka nuna. Sauran huɗun su ne direba, amarya, malamin firamaren da muka sallama, da wata mai taimakon aji a nazire. Kuma cikin bakwai ɗin nan uku kujerar lissafi ta manyan aji ce, mutum na huɗu ne yake kai yanzu, biyu fizis da kemistiri, ɗaya Turanci, ɗaya kwamfuta. Lokaci kuma, biyar sun tafi kafin su cika wata uku, biyun sun kai wata biyar zuwa shida.

Baban Sadik: To ga shi nan. Sakandare 7 cikin 13, kusan kashi 54. Duk sauran makarantar 4 cikin 26, kashi 15 da ɗan kai. Ashe ma ba sababbi gaba ɗaya ba ne, sababbin sakandare ne, kuma a sakandaren ma ɓangaren lissafi da kimiyya, biyar cikin bakwai. 'Yan ajin ƙarshe da suka zauna WAEC a wannan shekarar sun wuce ta hannun malaman lissafi daban-daban, kowanne ya zo ya fara laluben inda na baya ya tsaya. Wannan shi ne abin da iyayen suke gani suke zuwa miki, kuma shi ne 33 ɗin farko ya ɓoye.

Sai dai in ja kunne kan abu ɗaya. Mutum 13 ba su da yawa, kowane mutum guda yana motsa lambar da kusan kashi 8. Don haka in kin rubuta 54 ki rubuta 7 cikin 13 kusa da shi, kuma in baɗi ya sauko zuwa 46 kar a yi murna da yawa, mutum ɗaya ne bambancin. A ƙaramin wuri irin wannan yawan kawunan da labarin kowannensu ya fi kashi cikin ɗari amfani.

Ɗan Argungu: Ai wanga ba sai an yi dogon bincike ba, kuɗɗi na. Nawa kuka biyan malamin lissahi Hajiya in ba sirri ba?

Maman Ikram: Sabon malamin sakandare mai digiri dubu 45 ne har ya gama wata shida na gwaji, in an tabbatar da shi ya koma 60. Tsofaffin akwai masu 70 zuwa 85, kuma muna rage musu rabin kuɗin makarantar 'ya'yansu biyu.

Ɗan Argungu: To kin gani. Tun watan Yuli 2024 anka sa hannu kan mahi ƙarancin albashi dubu 70, nan Kebbi gwamna ya ce 75 ga ma'aikatan jiha, ɗan bautar ƙasa da ke zaune tebur guda da shi tun watan Maris 2025 dubu 77 yaka amsa alawus. Mutum da digirinshi na lissahi shina kallon yaron da bai gama koyon riƙe alli ba ya hi shi ɗauka, ga kuɗin mashin tunda anka cire tallahin mai 2023, mi za ya zauna yi?

Akanta na Jega: Kuma Anti ku duba da kyau, dokar mafi ƙarancin albashi wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba ta ɗauke wa, ku kuwa kun haura 40. Wannan ya kamata masu makarantar su zauna da lauya a kai, ba maganar barin aiki kaɗai ba ce.

Maman Ikram: Wannan na sha faɗa, zan sake sa shi a takarda.

Malama Ta Tudun Wada: Kuɗi yana ciki ba musu, amma ni ban yarda shi kaɗai ba ne. Sababbin firamare ai ba su fi haka ɗauka ba, ko Hajiya? Me ya sa su suka zauna? Kuma mutum ya san albashin tun ranar intabiyu ya ce ya yarda. Wanda ya tafi cikin wata uku yawanci wani abu ya tarar wanda ba a gaya masa ba. A duba jadawali, malamin lissafin nan darasi nawa yake shiga a sati, kuma wa yake shugabantarsu, don wani mataimakin furinsifal ɗin shi kaɗai ya isa ya kori gari.

Ɗan Argungu: Malama na firamare sun zauna don ba su da inda za su, mai lissahi da fizis kuwa kowace makaranta nemanshi takai, ko lesin na gida-gida yay yi ya hi dubu 45

Baban Sadik: Ku biyun kowa yana da hujja, kuma lissafin da muka yi ba zai raba muku gardama ba, iyakarsa ke nan. Ya nuna mana ƙofar da ake fita, bai gaya mana abin da yake korar mutane ba. Amma akwai yadda za a gane. In kuɗi ne, za ka ga sun koma inda ake biya fiye, kuma sukan jira su karɓi albashi ko zango ya ƙare sannan su tafi. In nauyin aiki ne ko shugaba, za ka ga mutum ya bari a tsakiyar zango, wani lokacin ma ba shi da wani aikin a hannu, ko ya koma inda kuɗin bai fi naku ba. Hajiya kin san inda bakwai ɗin suke yanzu?

Maman Ikram: Uku na sani. Ɗaya yana wata makarantar kuɗi a Gesse, ɗaya ya samu aikin gwamnati, ɗaya kuma na gan shi yana POS a bakin kasuwa, shi ne na biyu a kujerar lissafin, yaro mai ƙoƙari wallahi, yara suna sonsa, ranar da zai tafi littafin shirin darasinsa ya kawo min cike har ƙarshen zango ya ce a ba wanda zai zo. Na duba jadawali kuma, kujerar lissafin darasi 34 ne a sati cikin 40, don tun da aka ƙara aji ba a ƙara malami ba, sauran malaman sakandare 22 zuwa 26 suke yi.

Malama Ta Tudun Wada: Innalillahi, 34? Yaushe zai yi makin, yaushe zai zauna? Kuma a kan dubu 45. Ai wannan ko mutum na goma kuka kawo tafiya zai yi.

Kawu Tsohon Ma'aikaci: To wannan kam ya yi yawa, ko a zamaninmu ba a yin haka. Amma su ma ai sai su ba da notis kamar yadda doka ta ce, ba a wayi gari a ga ba mutum ba.

Baban Sadik: Kawu ranka ya daɗe, notis ɗin da dokar ƙwadago ta sa bai da tsawo ga sabo. Wanda bai wuce wata uku ba kwana ɗaya ne, wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba sati ɗaya, shekara biyu zuwa biyar sati biyu, biyar zuwa sama wata guda, sai in takardar ɗaukar aiki ta sa fiye da haka. Shi ya sa tafiyar sabo ta fi zuwa ba zato, ba ka da lokacin neman madadi.

Hajiya 34 ɗin nan ya bayyana mutum uku. Bai bayyana sauran huɗun ba, kar mu yi saurin rufe littafi. Ki sa wani wanda ba shugabansu ba ne, wanda suka saba da shi, ya kira su ɗaya ɗaya yanzu da abin ya huce, ya tambaye su me suka tarar da ba su zata ba, kuma me da an canza shi da sun zauna. Takardar da za ki kai kuma kar ta wuce shafi ɗaya: 28.2 a sama, tsofaffi 2 cikin 37, sababbi 9 cikin 15, sakandare 7 cikin 13, sai kujerar lissafi da darussanta 34. In kina da rajistar shekara biyu da suka wuce ki yi musu irin wannan lissafin, don tambayar ya yi yawa ko bai yi ba, abin da zai amsa ta shi ne ku da kanku a baya, ba lambar wani banki ko kamfanin waya ba, aikinsu da albashinsu ba irin naku ba ne.

Akanta na Jega: Kuma ki sa musu kuɗi a ciki Anti, masu makaranta kuɗi suke ji. Ƙarin malamin lissafi ɗaya a dubu 70 shekara dubu 840 ne, ki kwatanta da kuɗin makarantar yara nawa ne, sai ki tambaye su yara nawa aka cire daga manyan aji bana

Maman Ikram: Rajistar 2023 zuwa 2024 tana nan, ta kafin nan ce ban da tabbacin an rubuta ranakun fita, zan tambayi sakatare. Malam wata tambaya, malaman wucin gadi biyu da suke zuwa mana Faransanci da zane kwana biyu a sati ana biyansu da awa, ban sa su cikin 40 ɗin ba, kuma ɗaya ya daina zuwa tun zango na biyu. A sa su ko a bari?

Baban Sadik: In ba su cikin 40 ɗin to shi ma kar ya shiga cikin masu fita, ki ambace shi a ƙasan shafi kawai. Amma ki yanke hukuncin yau ki rubuta shi, wa ake ƙirgawa wa ba a ƙirgawa, don duk wanda zai yi na baɗi ya bi sawu.

Malama Ta Tudun Wada: Ni dai har yanzu ina jiran jin labarin mataimakin furinsifal ɗin, Hajiya ba ki ce komai a kansa ba.

Maman Ikram: Malama wannan ba a guruf ba, ɗan'uwan ɗaya daga cikin masu makarantar ne. Bari a kira mutanen tukuna mu ji daga bakinsu.